Rotil ya ƙi fita daga ƙafar mota: abin da ke riƙe shi, da yadda ake ɓalle shi ba tare da ɓarna ba

Duk wanda ya taɓa zama a garaji a nan Birnin Ƙonni yana jiran a gama mashi aiki ya san wannan ƙarar. Mota na kan kirik, an cire taya, yaro ya tsuguna da guduma yana ta dukan wani ɗan ƙarfe, gumi na zuba, abu ya ƙi motsi. Mai mota ya leƙa ya ce: "To ba an kwance notin ba? Mi ya riƙe shi kuma?" Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ita ce rabin aikin.

Ƙarfen da ake fama da shi shi ne rotil. Makanikan da suka koyi aiki a tsallaken iyaka, Illela ta Najeriya ko Sakkwato, su kan ce bol-join ga na ƙasa, su ce tayarod ga na sitiyari. Mu nan duka rotil ne. Gaɓa ce irin ta kafaɗar mutum: ƙwallon ƙarfe a cikin kwano, da giris, da robar da ta rufe shi, wadda ake kira sufile. Daga ƙwallon wani ɗan sanda ya fito, ya shiga rami a jikin fize, wato babban ƙarfen nan da ke ɗauke da taya da burki, sannan a ɗaure shi da noti ta ɗaya gefen. Hanyoyinmu ba su raga wa wannan gaɓa. Motar da ke barin kwalta ta shiga jar hanya zuwa ƙauyukan Illela, ko wadda ke ɗaukar kaya fiye da ƙima tsakanin Galmi da Tsarnawa, robarta kan tsage, yashi ya shiga giris, gaɓa ta fara ƙwas-ƙwas. Dole a canza. Sai kuma a zo cirewa, ta ce ba ta san zancen ba.

Ba noti ke riƙe da shi ba

Ku ɗauki sabon rotil a shagon kayan mota ku duba sandan nan da kyau. Ba kauri ɗaya gare shi ba. Gindinsa ya fi kauri, yana sirancewa kaɗan-kaɗan zuwa wajen zaren noti. A yawancin ƙananan motoci, cikin kowane milimita 8 zuwa 10 na tsawo kaurin yana raguwa da milimita 1. Ramin da ke jikin fize shi ma haka aka sassaƙa shi, daidai wa daida. Aikin noti shi ne ya jawo sandan ya cusa shi cikin ramin, kamar yadda ake cusa ruwan fartanya a ƙota. Da zarar ya zauna, ko an cire notin yana nan daram.

Ƙarfin cusawar ba na wasa ba ne. A Toyota Korola, littafin kamfani ya ce a ɗaure notin rotil na sitiyari da ma'aunin 49 Nm. Ga sanda mai kaurin milimita 12, wannan ɗaurin yana jan sa da ƙarfin da ya kai wajen tan 2, wato nauyin buhun siminti 40 irin na Malbaza. Haka kuwa idan an ɗaure bisa ƙa'ida ke nan. Idan wanda ya ɗaure a baya ya zura bututu a kile ya hau kai da ƙafa, to abin ya wuce nan. Ƙara da ruwan damina da laka da suka shekara suna zama a wurin, tsatsa ta like ɗan abin da ya rage.

Shi ya sa ja kawai ba ya fitar da shi, kuma shi ya sa dukan kan sandan ya fi komi ɓata aiki. In ka buga kan zaren da guduma, kan ya baje kamar na tsohuwar ƙusa, noti ba ya ƙara hawa, wani lokaci ma bajajjen kan ba ya iya bi ta ramin ko da ya saki. Abin da ake nema biyu ne a haɗe: matsi mai ɗorewa da ke tura sandan waje, da girgiza a jikin ramin da za ta sa ya ɗan motsa na ƙiftawar ido ya sake abin da ya riƙe.

Mai yatsa biyu ko arash

Kayan aikin da aka yi don wannan iri biyu ne. Na farko ƙarfe ne dogo mai baki kamar yatsu biyu, siriri a gaba, yana ƙara kauri zuwa baya. Ana cusa yatsun tsakanin fize da jikin rotil, a buga gindinsa da babbar guduma har ya raba su. Yana da arha, maƙeri ma kan sassaƙa shi daga tsohon ƙarfe, kuma da wuya ya kasa. Amma a san wannan: kusan kullum sai ya yaga robar, kuma yana fizgar ƙwallon daga mazauninsa da ƙarfi, har gaɓar da ke da lafiya ta koma tana wasa. Don haka wurinsa guda ne, wato inda rotil ɗin ya riga ya mutu, sabo na ajiye a gefe.

Na biyu shi ne arash, wanda wasu ke kira fula. Wanda aka fi gani kamar almakashi yake: hannu ɗaya mai baki buɗe yana shiga ƙarƙashin ramin fize, ɗaya hannun yana dafe kan sandan, sai a ɗaure wani dogon bulo da ke matse su. Shi ba ya taɓa ƙwallon, kuma in an sa shi da kyau roba na fita lafiya.

To tambayar da ya kamata makanike ya yi tun kafin ya ɗauki komi ita ce: wannan rotil ɗin za a mayar da shi ne ko za a jefar? Sau da yawa ba shi ne ke ciwo ba. Ana raba shi ne kawai don a samu hanyar cire kardan, ko a canza rulma. A irin wannan aiki, wanda ya ɗauko mai yatsa biyu ya jawo wa mai mota sayen abin da bai zo saye ba. Abin takaici ma, ba a nan take ake gane ɓarnar ba. Mota ta tafi da yagaggiyar roba, bayan ƴan watanni ta dawo tana ƙara, a ce ai hanya ce.

Wata Korola a wani garaji

Kwanan baya na zauna a wani garaji a bakin babbar hanya, na ga an yi aikin daga farko har ƙarshe. Tsohuwar Korola ce ta haya, mai zirga-zirga tsakanin Ƙonni da Malbaza. Robar kardan ta dama ta fashe, giris ya fantsama cikin taya. Rotil na sitiyari lafiyarsa lau, sai dai dole a raba shi da fize don ƙafar ta samu juyawa. Direban ya ce rabon da a taɓa wurin tun kafin motar ta zo hannunsa.

An ɗaga mota, amma maigidan garajin bai yarda kowa ya sa hannu ba sai da aka tokare ta da ƙafar ƙarfe, aka sa dutse a bayan tayoyin baya. Kirik kaɗai ba abin dogaro ba ne a aikin da za a yi duka da girgiza, balle a kan yashi. Yaron ya kankare laka da burushin waya, ya fesa man sassauta tsatsa a kan noti da kewayen ramin, aka bar shi kamar minti goma sha biyar. Ya miƙe ƙafafun gufi, ɗan siririn ƙarfen nan da ke hana noti juyawa, ya zare shi da filaya. Sai kile mai lamba 17.

A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Da notin ya saki, yaron ya so ya tsaya. Maigidan ya ce: "A'a, fitar da shi duka tukun." Ya fitar, aka goge zaren da burushi, aka ɗiga mai, sannan aka mayar da notin da hannu, a kife, har bakinsa ya yi daidai da kan sandan. Na tambayi dalili. Ya ce mani: "Malam, yanzu ramin na riƙe mani sandan, noti na fita ko da tsatsa. In na bari sai ya ɓalle, sanda da noti su riƙa juyawa tare, sai mu kai la'asar a nan." Mayar da notin kuma amfaninsa biyu: yana kare zaren daga matsin arash, yana kuma tare abin kada ya yi tsalle idan ya saki. An kife shi ne don gefen da ke da tsaga-tsaga ba ya jure matsi, lanƙwashewa yake.

Sai aka shafa ɗan giris a bakin arash da kan robar, aka tura robar ƙasa da yatsa, aka zura bakin a hankali har ya shige sosai ya rungumi sandan. Wannan wurin ne ake yawan kuskure. Idan bakin ya kama da gefe kawai, da an matsa sai ya zame ya fito da ƙarfi, ko ya karye. Bakin kuma ya zama daidai da kaurin sandan: na ƙananan motoci kan kasance wajen milimita 18 zuwa 22, ba ya shiga na babbar mota, kuma tilasta shi da guduma tsage shi ake yi. Maigidan ya daidaita hannuwan biyu har suka yi kusan miƙe ɗaya, na sama ya zauna a tsakiyar kan sandan, ba a kan gefen noti ba. Ya shafa wa dogon bulon giris, ya ce a ɗaure.

Yaron ya ɗaure da kile na hannu har ya ji ya yi tauri sosai. Shiru. Ya waiga yana neman bututu ya ƙara tsawon kile. "Ajiye shi," in ji maigidan. "Arash ɗin za ka kashe mani, ɗana, shi kau rotil yana nan yana kallonka." Ya karɓi guduma mai nauyin kamar kilo ɗaya, ya sa yaron ya dafa wata babbar guduma a bayan kunnen fize, daidai inda ramin yake, ya ce kowa ya kawar da fuska da yatsu. Ya buga gefen kunnen, ba sama ba, ba kan sanda ba, duka gajere mai kaifi. Ɗaya, biyu, uku. Bai saki ba. Ya ƙara wa bulon kwata na juyi, ya sake fesa mai, ya je ya sha ruwa. Da ya dawo, a bugu na biyu sai muka ji "ɗas!" kamar an fasa kwalba. Arash ya faɗo ƙasa, sandan ya sauka ya tsaya a kan notin. Roba ko ƙwarzane babu.

Gudumar da aka dafa a baya ba ado ba ce. Ita ke hana ƙarfin bugun ya tafi a banza cikin lilon ƙafar, ta sa ya tsaya a kan ramin. Masu ƙwarewa da yawa da gudumomi biyun nan kawai suke aiki, wani ya danna sandan sitiyarin da ƙarfe don ya ba da matsi, kuma yana yi. Sai dai a duba irin fize ɗin. Na tsofaffin motoci baƙin ƙarfe ne, yana jure duka. Wasu motocin na baya-bayan nan nasu na alminiyom ne, fari-fari, mara nauyi, mayen ƙarfe ba ya kama shi. Wannan ba a dukansa, domin yana lotsewa ko ya yi tsagar da ido ba ya gani. Arash da haƙuri kawai.

Na ƙasa ya fi haɗari

Rotil na sitiyari ba ya ɗauke da nauyin mota, don haka in ya saki ba abin da ke biyo baya. Na ƙasa, wanda ya haɗa fize da hannun ƙafa, wani zance ne. A motocin da rasor ɗinsu ke zaune a kan hannun ƙasa, rasor ɗin a matse yake ko da taya na lilo a sama. Ka ɓalle rotil ba tare da ka tokare hannun ba, hannun ya fyaɗo ƙasa, rasor ya yi waje da ƙarfin da zai karya ƙashi. Hiyas da tsofaffin Hilis kuwa sandan murɗa gare su maimakon rasor, shi ma ƙarfi ne a ajiye. Kafin a taɓa noti a gano wane hannu ke ɗauke da ƙarfin, a sa kirik ƙarƙashin hannun ƙasa, a bar noti a kan zaren har sai abu ya saki, sannan a sauke a hankali. A kuma ɗaure fize da waya kada ya rataya a jikin tiyon burki.

Akwai kuma motocin da rotil ɗinsu na ƙasa ba mai sirancewa ba ne sam. A Fijo 206 da Golf 2, sandan miƙaƙƙe ne mai ɗan wuya, fize ɗin a tsage yake, wani bulo ya ratsa ta gefe ya matse shi. Wannan bulon sai an zare shi gaba ɗaya, domin ta cikin wuyan sandan ya bi. Sassauta shi kawai ba ya isa, ko a kwana ana duka. In an zare, a ɗan buɗa tsagar kaɗan, a danna hannun ƙasa da dogon ƙarfe.

Wuta fa? In abu ya gagara, wasu kan kira mai walda ya gasa wurin har ya yi ja. Ni dai ba zan yarda a yi wa motata haka ba. Fize ƙarfe ne da rayukan fasinja ke rataye a kansa, kuma gashi har ja yana canza ƙarfinsa. Cikin rotil akwai mazaunin roba mai tauri da giris a rufe: ya narke, wani lokaci ya fashe ya watso a fuska. Kusa da wurin ga tiyon burki, ga robar kardan, ga rulma. Ba a ma zancen kwalaben man fetur da ke jere a bakin hanyoyinmu. In mai da matsi da bugu sun kasa har sau biyu ko uku, gara a haƙura da rotil ɗin, a ɗauko mai yatsa biyu, a sayi sabo. Ya fi araha a kan fize.

Idan kuma an riga an yi kuskuren da maigidan ya guje wa, sandan ya saki, noti na juyawa tare da shi, maganin shi ne a mayar da sandan cikin ramin a matse shi, da kirik daga ƙasa ko da babbar filaya, har ramin ya sake kama shi, sannan a kwance. Wasu rotil ɗin suna da ɗan rami mai kusurwa shida a kan sandan, ana riƙe shi da kile alen.

Kafin a mayar

Fitar rotil ba ita ce ƙarshen magana ba. A goge ramin a haska shi da tocila. Ya kamata ya zama kewayayye, sumul. In ya yi tsawo kamar ƙwai, ko gefe ɗaya na ƙyalli, alama ce an daɗe ana tafiya da noti a sake, sandan yana cin ramin. Gwajin mai sauƙi ne: a zura sandan da hannu a girgiza. In ya zauna cif, lafiya. In yana rawa, ko ya shige da yawa har ramin gufi ya wuce saman tsagar noti, fize ɗin ya ci, kuma tara wasa a ƙarƙashin noti ba ya warkar da shi. Irin wannan ne ke karya sanda ana cikin gudu, taya ta juya inda ta ga dama.

Sandan da ramin a bushe ake haɗa su, ba giris, ba mai. Wanda ya shafa giris don "gobe ya yi sauƙin fita" ya rage riƙon da aka ƙera wurin don shi, kuma noti zai cusa sandan fiye da yadda ya kamata. A Korolar nan, maigidan ya wanke man da aka fesa, ya ɗaure zuwa 49 Nm, tsagar noti ba ta yi daidai da ramin gufi ba, sai ya ƙara ɗaurewa kaɗan har suka haɗu. Ba a komawa baya don neman rami. Ya sa sabon gufi, ya lanƙwasa ƙafafunsa. Yaron da farko ƙusa ya miƙo mashi, ya sha harara.

Tunda tsohon rotil aka mayar kuma ba a taɓa tsawon sandan sitiyari ba, saitin tayoyin bai motsa ba. Da canza shi aka yi, da sai a sassauta notin da ke kulle shi a jikin sandan sitiyari tun kafin a raba shi da fize, lokacin da yake da abin riƙewa, a ƙirga juyi nawa tsohon ya yi kafin ya fita, a mayar da sabon da juyi iri ɗaya. Wannan ƙirga tana kai mota wurin masu saitin taya ne kawai, domin sabon rotil ba lallai tsawonsa ya zo ɗaya da tsohon ba, kuma bambancin milimita biyu ko uku ya isa ya cinye gefen taya kafin a ankara. Direban ya biya kuɗin robar kardan da na aiki, ya murza sitiyari dama da hagu yana saurare, sannan ya koma tasha neman fasinjan Malbaza.